Ɗaki Cike da 'Yan Garinsu, Babu Wanda Ya San Shi: Kaɗaici da Dangin Zaɓi a Jidda

[Hoto: lungun unguwa bayan isha'i, masu tuwo da masu shayi]

In ka shiga unguwannin Hausawa a Jidda, ko Shara Mansur a Makka, sai ka rantse Fagge kake. Hausa ake yi, ga tuwo da miyar kuka, ga masa, ga tela yana taka keke. Takari sun daɗe a nan, tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙafa ta Cadi da Sudan. Shi ya sa in aka ce Bahaushe yana fama da kaɗaici a irin wannan wuri, da yawa za su yi dariya. Kaɗaicin me, ga 'yan'uwa ko ta ina?

To, akwai wanda yawan 'yan'uwan ne ya hana shi sakewa. Shi ne namijin da zuciyarsa ke karkata ga maza, wanda a tsakaninsu suke ce wa mai harka. Kada a haɗa shi da ɗan daudu kai tsaye. Ɗan daudu ana gane shi da magana da tafiya da sana'ar abinci, kuma ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba. Wanda muke magana a kansa yau ba ya yanga, ba ya karya murya, sahun gaba yake a masallaci, kuma babu mai zargin komai.

Mu ɗauki misali, ba wani mutum takamaimai ba. Tela ne, ya haura talatin, ya zo da bizar aiki, yana da igama, wato takardar izinin zama, yana ɗinki a shagon kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa ya shigo ƙasar. Su shida ne a ɗaki. Biyu 'yan unguwarsu ne, ɗaya ma ya auri 'yar ƙanwar babarsa.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Duk abin da aka ji a ɗakin nan da daddare, kafin azahar ya isa tsakar gidansu a Kano ta WhatsApp. Da, sai alhazai sun koma labari yake komawa. Yanzu minti ɗaya ne. Saboda haka tela yana kwana da wayarsa a ƙarƙashin matashi, yana goge saƙo da zarar ya karanta, in ana hirar mata ya ƙyalƙyale da dariya tare da kowa, wani lokaci ma shi ne zai fi kowa zaƙewa don kada a dube shi. Ranar Juma'a Hajiya ta kira: "Ɗan nan, kuɗin dai kana turowa, Allah ya yi albarka. Amma auren fa? Ƙannenka duk sun ajiye iyali." Ya ce, "In sha Allahu, Hajiya, ana ta shiri." Shekara nawa ana wannan shiri.

Wannan irin kaɗaici ba ya kama da na wanda ba shi da kowa. Mutum yana ci da jama'a, yana salla da jama'a, amma wanda suke so suke girmamawa wani ne da ya ƙera musu. Alamominsa ba su da hayaniya: barci ya ƙaurace, ya riƙa neman ƙarin aiki don kada ya koma ɗaki da wuri, ya daina ɗaukar kiran gida sai ya shirya abin da zai faɗa, ciwon kai da ciwon ciki da likita bai ga dalilinsu ba. Ga kuma abin da ya fi ci masa rai, wanda ba kasafai ake faɗa ba. Yana zaune tafiyar kusan awa guda daga Ka'aba. Yakan je ya yi ɗawafi yana kuka yana roƙon a cire masa abin, ya dawo yadda ya tafi. Wa zai gaya wa wannan?

[Hoto: waya a hannu, allonta a kashe]

Tsoronsa kuma yana da tushe. A Saudiyya alƙali ne ke yanke hukuncin irin wannan bisa fahimtarsa ta shari'a, daga ɗauri har zuwa kisa a ƙa'ida, baƙo kuma ƙarshensa kora. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2007, wadda sashenta na 6 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 kan duk abin da aka ce ya taɓa addini ko tarbiyyar jama'a. A 2020 wata kotu ta yanke wa wani ɗan Yaman, Mohamed al-Bokari, ɗaurin wata 10 da tarar riyal 10,000 da kora, bayan ya sa bidiyo yana cewa kowa yana da haƙƙi, har da masu neman jinsinsu. Magana ce kawai ya yi. In an koro tela kuwa, ina zai sauka? Najeriya, inda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan kafa ƙungiya ko mara mata baya, ban da dokokin shari'a na jihohin Arewa 12. Gaba siyaki, baya damisa.

To yaya mutum zai samu nasa a irin wannan hali?

Da wuya ya zama ta waya. Manhajojin haɗuwa suna nan, amma wanda ke can ɗaya ɓangaren zai iya zama ɗan damfara da zai karɓi hotonka ya ce ko kuɗi ko tonon asiri, kuma ba ka da ofishin da za ka kai ƙara ba tare da ka kai kanka ba. Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta mutum zuwa mutum, kuma sau da yawa a wurin abinci take farawa. 'Yan daudu sun daɗe suna zuwa Saudiyya neman kuɗi, da yawansu girki suke yi su sayar. Masanin nan Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 kan 'yan daudun Kano, ya kawo labarin irin waɗannan tafiye-tafiye, da yadda suke kiran juna uwa da 'ya da ƙawa. Wato tsarin ba a Jidda aka ƙirƙire shi ba. Daga gida aka zo da shi, kuma asalinsa shi ne tsarin uwar ɗaki da ƙawance da matan Hausawa suka sani tun kaka da kakanni.

A misalinmu, tela yana cin tuwo kullum wurin wani dattijon ɗan daudu da ya shekara ashirin a garin. Watanni ana gaisuwa kawai. Dattijon ya riga ya gane, irinsu ido gare su, amma ba zai ce uffan ba. Sai wata rana ya jefa masa habaici cikin wasa, kalma ɗaya mai fuska biyu, wadda in tela ya ga dama ya yi kamar bai ji ba. Amfanin habaici kenan a nan: yana bar wa kowa ƙofar fita. In tela ya mayar da martani, shi ma ba za a kai shi ɗaki a ranar ba. Za a fara bincike a kansa. Ɗan wane gari ne, da wa yake kwana, yana da surutu, yana shan abin da zai sa bakinsa ya kwance? Za a ba shi ƙaramin sirri a ga ko zai dawo ta wani bakin. Wannan jan ƙafa yakan ɓata wa sabon shiga rai, amma ni dai ina ganin shi ne abu mafi hankali a cikin lamarin gaba ɗaya, domin mutum ɗaya mai sakin baki ya isa ya jawo wa shida tarhil, wato kora daga ƙasar.

[Hoto: faranti ɗaya, hannaye da yawa]

Ranar da aka ce masa "zo ka gaida uwarka", ya shiga. Abin da zai tarar ba wani abin mamaki ba ne. Mutum biyar ko shida, daren Alhamis ko bayan sallar Juma'a, ana cin abinci faranti ɗaya, ana tsokanar juna, ana gulma. Bambancin kawai shi ne karo na farko tun zuwansa ba ya auna dariyarsa. Uwa ita ce mai tsawatarwa, mai sasanta ƙawayen da suka yi faɗa, mai cewa "wannan mutumin da kake bi ba na kirki ba ne, fita harkarsa."

Amma abin da ke mayar da zaman hira ya zama dangi shi ne kuɗi da wahala. Sai a kafa adashi. A ce su shida, kowa riyal 200 a wata, kwasa ɗaya riyal 1,200. Masu dabara sukan ware wani abu daban a hannun uwa, wanda ba a kwasa, na ranar tsiya: wanda kafilinsa ya riƙe masa albashi, wanda aka kora daga ɗaki, wanda ya kwanta ciwo. Kuma akan yi wata yarjejeniya da baki. In an kama ni, kai za ka kwashe kayana, kai za ka kira gida ka ce matsalar takarda ce, kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Kowa ya haddace lambar mutum ɗaya a ka, saboda in an shiga hannu waya ce farkon abin da ke barin hannunka.

Wannan dangantakar tana kuma lalacewa, kada a yi tsammanin aljanna ce. Uwa takan zama azzaluma, ta riƙe sirrinka ta juya ka da shi, ko ta cinye kuɗin ajiya ta san ba ka da bakin ƙara. Kishi kan namiji ɗaya yakan raba ƙawayen shekara goma, kuma wanda ya fusata ya san lambar ɗan ɗakinku. Alamar da ake gane gida ya fara ruɓewa ita ce ranar da wani ya ce, ko da wasa, "ka san dai na san ka." Akwai kuma rashin daidaito da ba a son faɗa: mai igama yana iya zuwa asibiti, wanda ya zo umara ya maƙale ba ya iyawa cikin kwanciyar hankali, shi kuma mai igamar in aka same shi yana ɓoye marar takarda, shi ma ya shiga uku. Batun ƙanjamau ya fi tsanani, domin baƙon da aka gano yana ɗauke da cutar korarsa ake yi, don haka wasu suna gudun gwaji har sai jiki ya faɗi.

Iyakarta ta ƙarshe ita ce takarda. Babu fom ɗin da ya san uwa ko ƙawa. In tela ya rasu, kafili da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da danginsa na jini ne masu magana. Waɗanda suka yi jinyarsa za su tsaya a sahun jana'iza a matsayin "abokan arziki", su yi ta'aziyya ga wanda bai taɓa sanin ciwonsa ba.

In kuma tarhil ne, daga Shumaisi, cibiyar tsare waɗanda za a kora da ke tsakanin Jidda da Makka, sai jirgi. A nan ne tsohuwar hanyar nan ta Kano da Jidda take yin amfani. Uwa ta kira wata ƙawarta da aka koro shekarun baya, ta ce ga 'yata nan tafe, ba ta da ko sisi. A sayar da keken ɗinkinsa in nasa ne, a haɗa da zubinsa na adashi, a aika ta hannun mai komawa. Wanda zai tare shi a filin jirgi bai taɓa ganinsa ba, sai hoton da aka turo masa, da umarnin ya ba shi wurin kwana na mako biyu kafin ya shirya abin da zai gaya wa Hajiya.