Atamfa ta ƙare, kuɗi bai dawo ba: lissafin talla a kan ƙaramar riba

Auwalu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kano. Yau Hajiya Rabi ce ta zo mana da ƙara, kuma Sadiƙu take ƙara, ga shi a zaune. Hajiya, bismillah.

Hajiya Rabi: Ni ba ƙara na kawo ba, Malam Auwalu, tambaya ce. Watan jiya na saka naira 60,000 a tallan Facebook da Instagram. Na sayar da atamfa turmi 15, kowanne 20,000, ciniki ya kama 300,000. Yaron nan ya ce min wani abu ya kai biyar, na yi ta murna. Da na koma Kantin Kwari zan yi sari, sai na ga kuɗin hannuna ba su kai na da ba.

Sadiƙu: Hajiya, biyar ɗin gaskiya ne. Shi ne abin da Ads Manager, manhajar saka tallan Facebook da Instagram, take kira ROAS: cinikin da talla ya kawo a raba da kuɗin da aka kashe. 300,000 a raba da 60,000, biyar. Duk naira ɗaya ta jawo cinikin naira biyar. Laifina shi ne ban tambaye ki ribarki ba kafin na ce miki ya yi kyau.

Auwalu: To tambaye ta yanzu, a gaban jama'a.

Sadiƙu: Nawa kike saro turmi?

Hajiya Rabi: 15,500. Ka ga ina da 4,500 a kai ke nan.

Sadiƙu: A nan kowa yake tsayawa, kuma a nan ake faɗuwa. Leda da takardar da kike liƙawa da ɗan dakon da ya fito miki da kayan daga Kwari?

Hajiya Rabi: In aka raba, kamar 300 a turmi.

Sadiƙu: Kai wa kwastoma fa?

Hajiya Rabi: Na rubuta a tallan cewa cikin gari kyauta ne. Mai kai saƙona yana karɓar 1,000, ko Hotoro ne ko Rijiyar Zaki, mun daidaita a haka.

Sadiƙu: Sai cajin mai fos in za ki ciri tsaba, da na banki.

Hajiya Rabi: Ka sa 200.

Sadiƙu: To 15,500 da 300 da 1,000 da 200, ya zama 17,000. Abin da ya rage miki a turmi 3,000 ne, ba 4,500 ba. Kashi 15 cikin 100 na farashi. Daga cikin wannan 3,000 ɗin ne kawai za a iya biyan talla, domin sauran duk na wasu ne. Turmi 15 sau 3,000, 45,000. Kin biya talla 60,000.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Wato 15,000 na cika daga aljihuna?

Auwalu: Kin yi wa mutane goma sha biyar ɗinkin Sallah da rangwame, Hajiya, Allah ya ba da lada.

Hajiya Rabi: Kai dai bari. Ni a lissafina har 7,500 na ci.

Auwalu: Sadiƙu, mai sauraro yana so ya san lambar da in ya kai ta, ya tashi ba riba ba faɗuwa. Yaya ake fitar da ita?

Sadiƙu: Farashin sayarwa za ka raba da abin da ya rage maka bayan duk kashe-kashen da ke bin kowane turmi. A rubuce ga shi:

```
ROAS = 20000 / 3000 = 6.67
```

Wato sai kowace naira ta talla ta kawo cinikin kusan naira shida da kobo saba'in kafin Hajiya ta mayar da uwar kuɗinta. Ita kuma a biyar take. Da ribarta ta 4,500 aka yi lissafin, 4.4 za a samu, shi ya sa biyar ya yi mata kama da nasara.

Auwalu: Amma ni na sha jin masu koyar da talla suna cewa in ka kai huɗu ka gode wa Allah.

Sadiƙu: Huɗu na mai ribar kashi 25 ne, shi ma a nan ya tashi canjaras. Mai turaren wuta da ke haɗawa da kanta, in rabin farashin riba ne, biyu ya ishe ta ta mayar da kuɗi, huɗu kuwa ta yi ciniki mai kyau. Mai atamfa ko mai shinkafa in ya ari lambarta, kallon kitse yake yi wa rogo.

Hajiya Rabi: To tunda tonon asiri ake, akwai wata. Ba duk wadda ta ce a kawo take karɓa ba. A kai kaya har ƙofar gida, a yi ta kira waya a kashe. Wata ta buɗe leda ta ce ba wannan shuɗin ta gani a hoto ba. A cikin goma, ɗaya takan dawo.

Sadiƙu: Kuma mai kai saƙon ba ya yafe miki.

Hajiya Rabi: Wane shi! Zuwa da dawowa, 2,000.

Sadiƙu: To mu ɗauki oda goma. Tara sun biya, ciniki 180,000. Ragowarki 3,000 sau tara, 27,000, a cire 2,000 na wadda ta dawo, saura 25,000. Yanzu 180,000 a raba da 25,000, 7.2. Lambar ta hau. Sai kuma haraji. Tun watan Janairun 2022 Meta, kamfanin Facebook da Instagram, ke ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan tallan da aka saya daga Najeriya, kuma abin da kake gani a ƙarƙashin Amount spent, wato kuɗin da aka kashe, babu harajin a ciki, a rasiti yake fitowa. Wanda allo ya nuna masa 60,000, abin da ya fita daga asusunsa 64,500 ne.

Hajiya Rabi: Shi ya sa alat ɗin bai yi daidai da abin da ka turo min ba.

Sadiƙu: Shi ne. In aka ɗora shi, 7.2 ta koma kusan 7.7. Wannan ce lambarki ta gaskiya, Hajiya. Ƙasa da ita, duk turmin da talla ya sayar, ke kike ciko.

Auwalu: Kuɗin haya da albashin yarinyar da ke amsa saƙo da data fa? Ba ka saka su ba.

Sadiƙu: Da gangan ne, Yaya. Su ko an sayar ko ba a sayar ba sai an biya, ba sa ƙaruwa da turmi ɗaya. Wurinsu yana gaba, a lambar da za a sa a gaba a nema. Domin 7.7 ba ita ake nema ba, ita ce bakin rijiya. Hajiya, a cinikin 180,000, nawa kike so ya zauna a hannunki?

Hajiya Rabi: Ko kashi biyar ne na gode. In ci abinci, in biya yarinyar.

Sadiƙu: Kashi biyar 9,000 ke nan. A cire daga 25,000, saura 16,000, shi ne duk abin da talla zai iya ci a kan mutum tara, har da haraji. 180,000 a raba da 16,000 ya ba da 11.25, in aka ware haraji kamar yadda allo yake yi, ya zama kusan 12.

Hajiya Rabi: Sha biyu? Daga biyar? Sadiƙu, ka ce min in daina talla kawai mana.

Sadiƙu: Mu juya ta yadda za ki iya duba ta kullum, tunda cinikinki a WhatsApp yake ƙarewa, manhajar ba ta ganin alat ɗinki. 16,000 a raba wa mutum tara, a cire haraji, kamar 1,650 ne a kan kowace mai saye. Cikin masu yi miki sallama, nawa suke saye?

Hajiya Rabi: Masu "nawa ne" su ɓace? In mutum takwas suka yi magana, ɗaya ke saye.

Sadiƙu: To kowace hira kada ta wuce kamar naira 200. Ki duba Cost per result da dare, wato abin da kowace hira ta ci miki. Watan jiya 4,000 kika biya a kan kowace mai saye, wato kusan 500 a hira. Kuma ki ajiye littafi, duk wadda ta biya ki tambaye ta a ina ta gan ki. Tsohuwar kwastomarki da ta ga sitatus ɗinki ba talla ne ya kawo ta ba, kada ki ba shi ladanta.

Auwalu: Ni a ganina daga 500 zuwa 200 ba gyaran hoto ne zai kawo shi ba. Sai an taɓa cinikin kansa.

Hajiya Rabi: Ni na yi tunanin in yi ragin 1,000, mutane su fi saye.

Sadiƙu: Hajiya, don Allah kada ki yi. A idon kwastoma ragin kashi biyar ne, ba zai tashe ta daga barci ba. A wurinki kuwa kashi ɗaya cikin uku na ragowarki ya tafi. 19,000 a raba da 2,000, 9.5, tun kafin a zo maganar kayan da suka dawo da haraji.

Auwalu: To me ya rage mata?

Sadiƙu: Kai kaya kyauta ya koma na mai sayen turmi biyu. Mai turmi ɗaya ta biya 1,000 ɗinta, ragowarki ta koma 4,000, lambar farko ta sauko daga 6.67 zuwa biyar. Mai turmi biyu kuma, tafiya ɗaya ce, kuɗin kai saƙo ɗaya: ciniki 40,000, kashewa 33,000, saura 7,000 a kan mutum ɗaya, kuma sau ɗaya kika biya talla a kanta. Sannan wadda ba ki sani ba ta turo kuɗin kai saƙo kafin kaya su bar gida. Masu kashe waya za su ragu da kansu.

Hajiya Rabi: Wasu za su gudu fa. Mutanen Kano da son kyauta.

Auwalu: Har da mai magana.

Hajiya Rabi: Akwai kuma waɗanda in sun saya sau ɗaya, sai su dawo da Sallah, su dawo da ankon biki. Ba zan iya jure faɗuwa a cinikin farko saboda su ba?

Sadiƙu: Za ki iya, in littafinki ya nuna. Ki ƙirga waɗanda talla ya kawo wata shida da suka wuce, ki ga nawa suka dawo. In cikin goma uku sun sake saye ba tare da talla ba, 9,000 ke nan ƙari a kan goman, sai ki sassauta lambar da daidai wannan. Amma kuɗin tallan yau ake cira, ita kuma dawowar sai bayan watanni, ga sari yana jiranki a Kwari, farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. In turmi ya tashi daga 15,500 zuwa 16,000, ragowarki 2,500 ce, lambar farko ta zama takwas. Duk ranar da kika yi sabon sari, ki sake lissafin.

Hajiya Rabi: Littafin nan ba ni da shi, sunaye duk a waya suke.

Auwalu: To aikin mako ke nan. Sadiƙu zai zauna da ke ku fitar da su, kuma kyauta, tunda shi ya ce biyar ya yi.

Sadiƙu: Na ɗauka, Yaya. Hajiya, tallan da ke gudana yanzu fa?

Hajiya Rabi: Miƙo min wayar, a tsayar da shi tukuna.