Darasi: Gyaran Sibi Don Neman Tallafin Karatun Digiri na Biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu ɗauki sibi guda ɗaya, wato takardar tarihin karatu da aikin mutum, mu gyara shi daga sama har ƙasa. A ce ɗalibi ne da ya karanta aikin gona a Jami'ar Bayero, ya yi hidimar ƙasa, ya shekara biyu yana aikin malamin gona, yanzu kuma yana neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, don yin digiri na biyu a Jamus.

Sibin da ke hannunsa na neman aiki ne. Ya fara da ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, addini, sannan jerin ayyukan ofis har layi goma. Waɗanda za su karanta wannan takarda malaman jami'a ne, kuma abin da suke son gani shi ne ko yaron nan zai iya bincike. Don haka sai a juya tsarin: karatu a sama, fannin bincike ya biyo, sai kyaututtuka, sai shugabanci, aikin ofis ya koma ƙasa. Ƙaramar hukuma da addini a cire su. Shafi biyu ya isa.

To, a ƙarƙashin Education, wato sashen karatu, ku lura da maki. Kada ka rubuta 4.32 kawai, ka rubuta 4.32/5.00. Dalili kuwa, a Jamus 1.0 ne maki mafi kyau, 4.0 kuma shi ne cin jarrabawa da ƙyar. Bajamushe ya ga 4.32 babu bayani, sai ya ɗauka faɗuwa ka yi, alhali a ma'aunin Najeriya kana dab da daraja ta ɗaya, wadda ke farawa daga 4.50. A nan kuma za ka sa taken binciken kammala digirinka da sunan malamin da ya duba shi.

Sashen Research Interests, wato fannin bincike, shi ne inda aka fi yin asara. Ɗalibinmu ya rubuta "aikin gona, sauyin yanayi, wadatar abinci". Wannan ai kowa ma ya rubuta, kuma bai nuna ya san wata matsala ba. Ya matse shi ya zama layi biyu ko uku: yana son binciken yadda haɗa dawa da wake a gona ɗaya ke rage ɓarnar ƙuduji a yankin savana. Da malami ya karanta, ya san amfanin gonar, ya san matsalar, ya san wurin. Kafin ka rubuta wannan layi, buɗe shafin sashen da kake nema, ka duba abin da malamansu ke bincike a kai. In babu wanda ke taɓa fanninka, ko ka gyara layin, ko ka nemi wata makaranta. Shi ya sa sibi ɗaya ba ya yi wa makarantu biyar.

Sannan binciken da ka riga ka yi, ka faɗi da hannunka me ka taɓa. Maimakon "na taimaka a bincike", ka ce ka ɗebo samfurin ƙasa daga gonaki 40, ka auna tsaminta a ɗakin gwaji, ka tantance sakamakon da manhajar R ko SPSS. Amma fa kada ka sa manhajar da ba ka iya ba, ana tambaya ranar ganawa. Maƙalar da ba a buga ba kuma, ka rubuta cewa tana hannun masu dubawa, kada ka ce an buga.

Kyaututtuka, kowace da suna, da wanda ya bayar, da shekara, da yawan waɗanda aka yi takara da su. "Ɗalibi mafi hazaƙa a sashe, cikin ɗalibai 85, shekarar 2021" ya fi "na ci kyaututtuka da dama". Takardar halartar bita ba kyauta ba ce, kada ta shiga nan.

Shugabanci ma haka. Muƙamin sakataren ƙungiyar ɗalibai shi kaɗai ba ya auna komai, abin da ya canza a hannunka ake nema. In lokacin hidimar ƙasa ka shirya wa manoma mata 60 horo kan adana wake a buhu mai rufi uku, rubuta shi, ko da ba ka riƙe wani muƙami ba. Aikin ofis kuwa, zaɓi layi biyu da suka shafi fannin, ka bar sauran. Sai dai watanni da shekaru su fito sarai, domin EPOS, shirin DAAD na tallafa wa ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa, yana buƙatar aƙalla shekara biyu ta aiki bayan digiri, kuma daga nan za su ƙirga. In akwai giɓi, kamar shekarar zaman jiran hidimar ƙasa, faɗi abin da ka yi a ciki.

Daga nan sai ka karanta sanarwar tallafin ta shekarar da kyau. Idan sun ce a yi amfani da Europass, wato tsarin sibi na Tarayyar Turai, a kuma sa hannu, ka buga takardar, ka sa hannu da biro da kwanan wata, ka ɗauki hotonta tsaf, ka tura a matsayin PDF da sunanka a jikin fayil ɗin.