Bidiyon da ka matse, ya lalace ko bai lalace ba? Bari mu auna

Salamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka daga nan Kumasi. Yau da masu ɗaukar bidiyon biki da suna nake, musamman irin mu da kullum kwastoma ke cewa "masa, fayil ɗin nan yayi nauyi, rage min in tura a WhatsApp", ka rage, ka duba a wayarka kaga ai lafiya lau, sai dangin amarya su saka a babbar talabijin a falo, fuskar amarya ta fito kamar an shafa mata koko. Ni dai ya taɓa faruwa dani a wani aure a Aboabo, kuma laifina ne, da ido na auna, idon ma ya gaji, ƙarfe 2 na dare.

To akwai ma'auni, sunansa VMAF. Netflix ne suka fitar da shi kyauta a 2016. Yadda yake aiki, zaka ba shi bidiyo biyu, na asali da wanda ka matse, sai ya bi su firem bayan firem yana kwatantawa, a ƙarshe ya baka maki daga 0 zuwa 100. Abin da yasa nake son sa, mutane na gaske aka zaunar suka kalli bidiyoyi suka bada maki, da makin nan aka horar da shi, shi yasa lissafinsa ke kusa da abin da ido ke gani. Amma ka riƙe wannan, dole na asalin ya kasance a hannunka. In ka goge shi, ba abin da za'a kwatanta.

Bari mu gwada da guntun bidiyona, sakan 30 daga wancan auren, 1080p, firem 25 a sakan. Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake rubuta wa umarni, zan matse shi:

```
ffmpeg -i asali.mp4 -c:v libx264 -crf 23 k23.mp4
```

Wannan lambar ta CRF ita ce ke cewa a matse sosai ko a sassauta, in ta hau fayil zai ƙanƙance kyau kuma ya ragu, duk ƙarin 6 kusan rabin nauyin ke tafiya. Na yi sau uku, 18 da 23 da 28. Sai aunawa:

```
ffmpeg -i k23.mp4 -i asali.mp4 -lavfi libvmaf=log_fmt=csv:log_path=maki.csv -f null -
```

Dan Allah lura da jerin, wanda ka matse shi ne farko, na asali na biyu. In ka juya su lamba zata fito dai amma ba ita bace. In kuma ya ce bai san libvmaf ba, to ffmpeg ɗinka ba'a haɗa shi da shi ba, nemi wanda ke da shi.

Ga abin da na samu. Na 18 ya fito megabait 41, maki 97. Na 23 megabait 22, maki 94. Na 28 kuma megabait 12, maki 87. Masu wannan harkar sun saba cewa daga wajen 93 zuwa sama yawancin mutane basa gane banbanci da na asali, kuma sai tazara ta kai kamar maki 6 kafin ido ya fara lura. Kenan na 18 ɗin nan asarar data ce kawai, na ninka nauyi saboda maki 3 da ba wanda zai gani, kuma kun san yadda bandul ke ƙarewa a garin nan. Na 23 zan ɗauka.

Saidai tsaya, anan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. 94 ɗin nan matsakaici ne, an tara makin duk firem 750 an raba. Kamar ace yaro ya ci 100 a darussa tara ya ci 40 a lissafi, katin sakamako zai yi kyau amma lissafin yana nan a faɗe. Shi yasa na sa ya rubuta min maki.csv. Buɗe shi a Excel, kowane layi firem ɗaya ne, je layin tsaye mai suna vmaf ka jera daga ƙarami. A nawa farkon bidiyon, inda malam ke zaune yana addu'a kamara bata motsi, 98 ne, 99 ne. Amma daga firem 450 zuwa wajen 520 sai ya zube zuwa 71. Raba 450 da 25, sakan na 18 kenan. Na je na duba, ashe daidai inda aka tashi rawa ne, ƙawayen amarya cikin leshi mai ƙyalli, ana liƙin kuɗi suna yawo a sama, fitila na walƙiya, ni kuma ina bin su da kamara a hannu. Matsewar bidiyo ta dogara ne da cewa firem ɗin nan yayi kama da na bayansa, sai a ajiye abin da ya canza kawai, to a wajen rawa komai ya canza lokaci ɗaya, ga zanen leshi ƙanana ƙanana, sai ya cakuɗe ya zama murabba'i murabba'i. Kuma wallahi wajen rawan nan shi ne inda kowa zai maimaita sau goma, ba mai maimaita addu'ar malam, Allah ya yafe mana. Saboda haka na sauko da CRF zuwa 21, na sake aunawa, wajen ya hau 80 da wani abu, fayil ya ƙaru kaɗan, na barshi a haka.

In kaga maki ya fito wani iri, kamar 30 ko 20, alhali da ido bidiyon ba laifi, kar ka zargi matsewa tukuna. Galibi firem ne basu daidaita ba, ko ka yanke farkon ɗaya da sakan guda, ko ɗaya 25 ne ɗaya 30, sai ya zama yana kwatanta hoton hannu a sama da hoton hannu a ƙasa. In kuma ka rage girman zuwa 720p, sai ka mayar da shi 1080p lokacin aunawa, don asalin ma'aunin an gina shi ne akan mai kallon talabijin ta 1080p:

```
ffmpeg -i k720.mp4 -i asali.mp4 -lavfi "[0:v]scale=1920:1080:flags=bicubic[a];[a][1:v]libvmaf" -f null -
```

Akwai wani ma'aunin kuma, sunansa SSIM. Ya girme VMAF, tun 2004, aikin Zhou Wang da Alan Bovik da abokan aikinsu. Yana duba haske, da banbancin haske da duhu, da tsarin hoton, makinsa yana ƙarewa a 1. A umarnin aunawa na farko, cire libvmaf da log_fmt da log_path ɗin da ke manne da shi ka rubuta ssim, ka bar -f null - yadda yake, shikenan, yafi sauri sosai, in laftof ɗinka tsohuwa ce irin tawa zaka gode masa. Matsalata da shi lambobin sun cunkushe a sama, 0.98 da 0.95 kamar kusa suke a rubuce amma a ido akwai tazara. Ina amfani da shi ne in kwatanta matsewa biyu na bidiyo ɗaya.

Abu na ƙarshe, VMAF ɗin da aka saba haske kawai yake dubawa, baya auna kala, saboda haka in jan gyalen amarya ya ɗan dushe ba zai faɗa maka ba. Haka in sararin sama da magariba ya fito layi layi kamar matakala, yakan wuce shi. Kuma in ka ƙara wa hoto kaifi a edita makin zai iya hawa ko da bai ƙara kyau ba. Don haka nakan bar lambar ta nuna min sakan ɗin da yafi faɗuwa, sai in kai shi talabijin ɗin falo in kalla da idona kafin in tura. Bidiyo na gaba zamu ɗauki wannan fayil ɗin mu tura a WhatsApp mu sauke, mu auna abin da ya dawo.