Wasiƙar godiya ga malamin da ya duba maka kundi

An rubuta wannan ne daga faifan laccar da wani malamin jami'a ya gabatar wa ɗalibai masu karatun digiri na biyu da na uku a Bauchi.

Assalamu alaikum. Na ga wasunku daga Yelwa da Gubi suke, wasu kuma tun daga Kashere. Sannunku da hanya.

Maganata ta yau a kan takarda ɗaya ce, wadda ɗalibi ke rubuta wa sufabaizansa bayan ya kare kundinsa lafiya. Kada ku haɗa ta da shafin godiya na farkon kundi. Wancan na kowa ne: iyaye, shugaban sashe, abokai. Wannan kuwa mutum ɗaya kawai za ya karanta.

Mu fara da lokaci, domin a nan aka fi tuntuɓe. Ranar da kwamiti ya ce ka ci, kusan kullum da sharaɗi ne: ka je ka yi gyara. Malamin da aka gayyato daga waje, wanda kuke kira estana, ya bar jerin gyararrakinsa. Sai ka yi su, mai jarrabawa na cikin gida ya tabbatar, a sa hannu, a ɗinke kundi, sannan sakamako ya bi hanyarsa zuwa majalisar dattawan jami'a. To, idan ka kai doguwar wasiƙar yabo, balle da shadda a leda, alhali sa hannun malam na gabanka, ka jefa shi cikin kunya. Ko zuciyarka fara ce, mai gani daga gefe toshiyar baki zai kira abin. A daren ranar kare kundi, gajeren saƙon waya ya isa. Wasiƙar ta jira har ka miƙa kundin da aka ɗinke.

Sai abin da ke ciki. Na karanta wasiƙu da yawa masu cewa "kun zame mini uba, ba ni da bakin godiya". Magana ce mai daɗi, amma ana iya cire sunana a sa na kowane malami. Abin da nake so shi ne ka kama abu ɗaya da ya faru tsakaninku.

A ce ɗaliba ta yi bincike kan manoman rani a Dadin Kowa, ta raba takardun tambayoyi 200. Malaminta ya mayar mata da babi na huɗu har sau uku, saboda jadawalanta ba su amsa manufar bincike ta uku ba. Ta ji zafi a lokacin. Ranar kare kundi, a kan wannan manufa estana ya tsaya. Ga yadda za ta rubuta:

"Ranku ya daɗe, Malam. Jiya na miƙa kundina bayan kammala gyara. Ina tuna lokacin da kuka mayar mini da babi na huɗu karo na uku, kuka sa na ajiye kowane jadawali kusa da manufar da yake amsawa. A nan na gane manufa ta uku ba ta da amsa, na koma Dadin Kowa na ƙaro bayanai. Da aka tambaye ni a kanta ranar kare kundi, ban yi in-ina ba. Wannan dabara zan koya wa duk wanda na duba wa aiki. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa."

Kun ji? Ta faɗi inda aiki ya tsaya, abin da malam ya yi, da abin da ya haifar. Kuma ba ta roƙi komai ba. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi: neman takardar shaida ko hanyar aiki ya zo a wata wasiƙa daban, bayan 'yan makonni. Da zarar roƙo ya biyo bayan godiya, malam zai ɗauka godiyar shimfiɗa ce.

Ku duba muƙami ma. Wanda kuka fara da shi yana Dakta wataƙila ya zama Farfesa kafin ku gama. Idan masu duba aikin biyu ne, kowa da tasa wasiƙa, domin suna haɗuwa.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Allah ya gafarta Malam, idan fa malamin ya riƙe mini babi wata shida bai karanta ba?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma na san yana faruwa. Kada ka yaba masa da saurin da bai yi ba, kada kuma ka cusa habaici. Nemi abin da ya yi da gaske. Wataƙila shi ya tsaya maka ranar gabatar da tsarin bincike, ko ya ba ka aron littafin da babu a laburare. Rubuta wannan, ko da layi huɗu ne, ka sa hannu, ka kai masa ofis da kanka.