Kitson da zai kai mako biyu a hunturun Jos: yadda ake ɗaura ɗankwalin satin da dare

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, an yi miki kitso ranar Asabar, ya kwanta lafiya lau, amma kafin Talata ƙananan gashi sun miƙe a kan layuka, gaban goshi ya yi buzu-buzu. Yawanci mai kitso ake ɗora wa laifi, alhali ɓarnar a kan filo take faruwa.

[Hoto: silin gashi ɗaya, an ƙara girmansa]

Dubi wannan silin. Bayansa a lulluɓe yake da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna, kamar ɓawon kifi. Idan sun kwanta, gashi yana sheƙi kuma yana zama inda aka ajiye shi. Idan aka goga shi da abu mai kaushi, ɓawon sai ya ɗaga, silin ya riƙa sarƙewa da na kusa da shi. Rigar filo ta auduga da ɗankwalin atamfa suna yin wannan gugar duk lokacin da kika juya cikin barci, kuma auduga tana shanye mai da danshin da kika shafa. A hunturun Jos kuwa, iskar kanta ta riga ta busar da gashin kafin ki kwanta, don haka abin ya zama biyu.

Yadin satin kuwa santsi gare shi, gashi yana zamewa a kansa. Na siliki akwai, amma yawancin wanda za ki samu a kasuwar Taminus ta Jos ko a kasuwar Wuse ta Abuja na poliyesta ne, kuma ya wadatar. Abin lura shi ne fuska biyu gare shi: ɗaya mai sheƙi, ɗaya dishi-dishi. Mai sheƙin ce za ta taɓa gashi. Hulunan barci na satin da yawa an ɗinka su don ido ne, sheƙin a waje, kaushin a ciki. Kafin ki biya, juya hular ki shafa cikinta da bayan hannu. In babu santsi, ki ajiye ta, ko ki nemi mai ninki biyu. Ki kuma duba robar bakin: a naɗe take cikin satin, ko a fili take? Robar da ke a fili tana cin gashin goshi a hankali.

To, wanne za a saya, hula ko ɗankwali? Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Hula jaka ce kawai, tana tattara gashi ta raba shi da filo, amma ba ta danna komai. Kitson da ke manne da fatar kai, irin zane ko shuku, dannawa yake so. Wannan aikin ɗankwali ne. Saboda haka a kan irin wannan kitson, in ɗaya za ki iya saya, ki sayi ɗankwalin. Yadi ɗaya ya isa. Ki ba tela ya yanka shi murabba'i, wajen santimita 90 kowane gefe, ya kalmashe bakin.

Mu ɗauki misalin zane mai layi goma da ya tafi baya, jelarsa ta sauko kafaɗa.

Da farko danshi. Satin ba ya ƙara wa gashi komai, abin da ya tarar shi yake tsarewa. Ki fesa ruwa sau uku ko huɗu daga nesa kaɗan, yadda gashin zai yi sanyi a hannu ba tare da ya jiƙe ba. Sai ki lakato man kaɗanya kamar girman ƙwayar gyaɗa, ki murza a tafin hannu har ya narke. A sanyin Jos man yana daskarewa, sai kin ba shi lokaci, in ba haka ba zai bar farin gudaji a tsakanin layuka. Ki shafa daga goshi zuwa ƙeya, yadda kitson ya tafi. Kada ki shafa ta baya zuwa gaba, don hakan tayar da gashin yake yi. Ba kowane dare ake sa man ba. Sau biyu ko uku a mako ya isa, sauran dararen ki ɗaura kawai.

[Hoto: hannaye suna ninke ɗankwali]

Yanzu ɗauri. Ninke ɗankwalin gida biyu, kusurwa zuwa kusurwa, sheƙin yana waje ta ɓangarorin biyu. Ɗora doguwar ninkin a goshi, a kan fata, kamar faɗin yatsa ɗaya ƙasa da inda gashi ya fara. Wannan wurin yana da muhimmanci: idan bakin ɗankwalin ya zauna daidai kan gashin goshi, zai riƙa gugarsa har gari ya waye, kuma gashin nan shi ne mafi rauni a kai. Ja bakunan biyu ta saman kunnuwa zuwa ƙeya, ki gicciya su a kan kusurwar da ta sauko, ki dawo da su gaba, ki ƙulla a goshi, a kan ƙyallen. Ƙulli a ƙeya yana tokare wuya idan kin kwanta rigingine, kuma shi ne yake fara kwancewa.

Gwada ɗaurin da yatsa. In yatsa ɗaya ya shiga ƙarƙashin bakin ba da wahala ba, ya yi. In bai shiga ba, ki sassauta. Alamar ɗauri ya yi tsanani ita ce ciwon kai da safe, ko shatin da ya daɗe a goshi bai baje ba. Kitson da kansa yana jan gashi, kada ki ƙara masa wani jan.

Jelar kuma ki naɗe ta sako-sako, ki ɗora hula a sama ta tattare ta. In kalaba ce doguwa, hula mai zurfi za ki nema, don cusa ta cikin ƙarama yana lanƙwasa bakin.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne, an tashi da safe an tarar da ɗankwali a ƙasan gado. Santsin da ke kare gashi shi ne yake sa shi zamewa. Dalili yawanci ɗaya ne cikin biyu: ƙyallen ya yi ƙanƙanta har bakunan ba su dawo gaba ba, ko an fara ɗaurin daga tsakiyar kai. Hular da ke sama tana taimakawa wajen riƙe shi. Mai yawan juyi kuwa ta sa wa filo rigar satin, ko da ɗankwalin ya fita gashin ba zai haɗu da auduga ba.

Kada ki ɗaura a kan jiƙaƙƙen gashi. Poliyesta ba ya barin ruwa ya fita da sauri, fatar kai za ta kwana a jiƙe, daga nan sai wari da ƙaiƙayi. Ranar wankin kai ki wanke da rana, ki bari cikin kitson ya bushe sosai. Masu zama Abuja, lokacin zafin Maris da Afrilu zufa ma tana yin haka, don haka ku bar ɗankwali shi kaɗai, ku cire hular.

Shi ma ƙyallen yana tara mai da ƙura. Idan ƙananan ƙuraje sun fara fitowa a goshi daidai inda bakinsa yake zama, ya yi datti. Ki wanke shi sau ɗaya a mako da hannu, da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, kada ki murɗe, ki shanya a inuwa.

Da safe ki bar ɗankwalin a kai har ki gama wanka, tururin ruwan zafi yana tayar da gashi. Bayan kin kwance, ki shafa kitson da tafin hannu zuwa baya. In akwai 'yan silin da suka ƙi kwanciya, ki ɗan jiƙa hannu ki shafa su, ki mayar da ɗankwalin na minti goma yayin da kike shiryawa. Sabon gashin da ya tsiro daga tushe a mako na biyu kuwa satin ba zai hana shi fitowa ba. Idan layukan sun fara rufewa, lokacin tsifa ya yi.