Maganin Amai a Tafiya: Yaushe Mutum Zai Iya Kama Sitiyari?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Aminu, da kuma Hajiya Rabi, wadda aikinta harhaɗa magunguna ne. Hajiya, tambayar da ke bakina ita ce: mutum ya ce mota ko jirgi na sa shi jiri da amai, sai a miƙa masa irin maganin da ake ba mai atishawa da ƙaiƙayi. Mene ne haɗinsu?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Zainab. Abin daga kunne yake farawa. Can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa da ke auna motsin jiki. Idan kina zaune a bayan mota kina duba waya, idonki yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kina wuri ɗaya, kunne kuwa yana cewa ana jijjiga ki, ana shan kwana. Wannan saɓanin ne ke tayar da cibiyar amai da ke gindin ƙwaƙwalwa. To, saƙon da ke tafiya daga kunne zuwa can, sinadarai biyu ne ke ɗauke da shi, histamin da asetilkolin. Tsofaffin magungunan atishawa da ƙaiƙayi, waɗanda ake kira antihistamin, irin su furometazin da daimenhaidirinet da sinarizin, suna toshe hanyar histamin, galibinsu kuma suna taɓa ta asetilkolin ɗin ma.

Aminu: To ai akwai sababbi da ba sa sa barci, kamar loratadin da setirizin. Me zai hana mai tafiya ya sha su ya huta?

Hajiya Rabi: Ba za su yi masa komai ba, Malam Aminu. An yi su ne yadda ba za su shiga ƙwaƙwalwa sosai ba, shi ya sa suke maganin hanci da fata ba tare da sun kwantar da mutum ba. Amai na tafiya kuwa a cikin ƙwaƙwalwa yake. Maganin da zai hana shi dole ya shiga ciki, kuma da ya shiga sai ya tarar da wani aikin histamin, wato riƙe mutum a farke. Ta ƙofa ɗaya hana amai da gyangyaɗi suke shigowa.

Zainab: Ke nan wanda ya ce a ba shi mai ƙarfi amma marar sa barci...

Hajiya Rabi: A cikin wannan dangin babu shi. Akwai dai wanda ya fi wani nauyi. Furometazin ya fi kwantar da mutum, sinarizin ya fi shi sauƙi, amma kowannensu yana rage kaifin hankali.

Aminu: Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki. Mutum zai shiga jirgin ruwa da ƙarfe 9 na safe, ya sauka ƙarfe 1 na rana, motarsa tana jiransa, kuma akwai tuƙin awa uku a gabansa.

Hajiya Rabi: Madalla. Waɗannan magunguna kafin a tashi ake shan su, domin idan zuciya ta riga ta fara tashi, ciki yana rage aiki, ƙwayar ba ta saurin shiga jini. Mu ce ya sha furometazin miligiram 25 da ƙarfe 7 na safe. Da ƙarfe 1 awa 6 ke nan. Magagin furometazin yakan kai awa 12, kuma jiki yakan ɗauki awa 10 ko fiye kafin ya fitar da rabinsa kawai. Wannan mutumin, a ganina, ba shi ba tuƙi a ranar. Ko da ƙarfe 7 na yamma ta yi, ga dare, ga gajiyar tafiya a kan ragowar magani. Ya kwana, ko wani ya tuƙa shi.

Zainab: Idan da daddare ya sha fa, kafin ya kwanta?

Hajiya Rabi: Ana yin haka, takardar maganin ma ta yarda da shi. Idan ya sha ƙarfe 10 na dare, zuwa ƙarfe 1 na rana an yi awa 15, yawancin nauyin ya sauka. Amma wasu sukan wayi gari kai ya yi dum, su wuni a haka. Shi ya sa nake son mutum ya gwada maganin a ranar da ba shi da tafiya, ya ga yadda jikinsa ke karɓarsa.

Aminu: Sinarizin fa?

Hajiya Rabi: Babba yana shan miligiram 30 awa biyu kafin tafiya, sannan 15 duk bayan awa 8 idan tafiyar ta yi tsawo. Wanda ya sha ƙarfe 7, maganin yana kan aikinsa har ƙarfe 3 na rana, don haka ƙarfe 1 ta yi wuri. Daimenhaidirinet kuwa ana sake shan sa duk awa 4 zuwa 6, kuma nan ne mutane ke kuskure. Sun sha ɗaya da safe, teku ta yi tsanani sun ƙara ɗaya ƙarfe 11, amma lissafinsu yana kan ta safe. Daga ƙwayar ƙarshe ake ƙirga, kuma magagin yakan wuce lokacin da aka rubuta na sake sha.

Zainab: Amma Hajiya, idan mutum ya sauka ya ji garau, idonsa a buɗe, ya sha kofi?

Hajiya Rabi: Wannan shi ya fi damuna, Zainab. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike da aka yi a Jami'ar Iowa a Amurka, inda aka sa mutane tuƙi a na'urar kwaikwayon mota. Waɗanda suka sha miligiram 50 na wani tsohon antihistamin mai suna daifenhaidiramin sun fi waɗanda suka sha barasa kasa riƙe tuƙi daidai. Kuma yadda mutum ya ce yana jin barci ko ba ya ji bai nuna ainihin yadda tuƙinsa ya lalace ba. Ku lura, kusan rabin ƙwayar daimenhaidirinet wannan daifenhaidiramin ɗin ne. Kofi yana iya buɗe ido, amma ba ya fitar da magani daga jini.

Aminu: To da me mutum zai gane bai warware ba?

Hajiya Rabi: Ka duba ƙananan abubuwa. Baki ya bushe, rubutun waya yana yi maka dishi-dishi, ka karanta layi ɗaya sau biyu kafin ka fahimta, an yi maka magana sai ka ɗan jima kafin ka amsa. A kan hanya kuwa, sai ka ga motar tana zamewa zuwa gefen layi kana dawo da ita, ko ka taka birki a makare. Ko ɗaya daga ciki ya isa ka tsaya. Rashinsu kuma bai ba ka izini ba idan awannin ba su cika ba.

Zainab: Akwai waɗanda abin ya fi jimawa a jikinsu?

Hajiya Rabi: Tsofaffi, da masu ciwon hanta ko ƙoda, da wanda bai samu barci ba a daren. Haka wanda ya haɗa da barasa, ko maganin barci, ko tiramadol da kodin. Har maganin mura ma a duba kwalinsa, da yawa akwai antihistamin mai sa barci a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba.

Aminu: Shi direban da kansa, idan yana tsoron amai?

Hajiya Rabi: Da wuya mai tuƙi ya yi amai, domin idonsa na kan hanya, ya san kwana kafin ta zo, kunne da ido ba sa saɓawa. Kada ya sha komai daga cikin waɗannan. Wanda kuma zai fara da zama fasinja sannan ya karɓi tuƙi, ya zauna a gaba, ya ajiye waya, ya riƙa kallon nesa, iska na shigowa. Idan duk da haka sai ya sha magani, to tun kafin a tashi a san wanda zai tuƙa a madadinsa.

Zainab: Mun gode, Hajiya. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.