"Duka na sama" da tambayar "wanne ne ba": lacca ga malaman sakandare a Gombe

To, malamai, abubuwa uku zan taɓo. Na baya kuna jina? Madalla.

Na farko, zaɓin nan na "duka na sama". Ku duba allo. Wace ce ƙaramar hukuma a jihar Gombe? A Billiri, B Kaltungo, C Dukku, D duka na sama. Ga yaro ɗan Kaltungo, ya san garinsu, ya san Billiri tunda maƙwabta ne. Dukku kuwa ko a taswira bai san inda take ba. Amma da ya ga biyu daidai ne, ai magana ta ƙare, sai ya zaɓi D ya kwashe maki cif. Abu uku ka tambaya, biyu ya sani, ka biya shi kuɗin uku. Ga kuma yarinya mai sauri, ta karanta A, ta ga gaskiya ce, ta zaɓa ta wuce. Ka ba ta sifili, alhali ba ta faɗi ƙarya ba.

Bari mu juya ta. A Dukku, B Darazo, C Misau, D duka na sama. Yaro ya san Misau a Bauchi take, wataƙila can kakarsa take. C ta faɗi, ta ja D suka faɗi tare. Saura biyu. Cankar da ya kamata ta zama ɗaya cikin 4, kashi 25, ta koma kashi 50. Da sanin abu ɗaya tak! Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yaushe muke rubuta "duka na sama"? Da dare, lokacin da zaɓi na huɗu ya ƙi zuwa. (dariya) Ko kuma idan ita ce amsar, yara kuwa sun daɗe da gano mu. Ga shi idan kwamfuta ta cuɗa zaɓuɓɓuka, sai ka tarar da "duka na sama" a kan A, babu komai a samanta.

Na uku... af, na biyu ko? Tambayar korewa: "wacce ce ba ƙaramar hukumar Gombe ba?" Yaro na sauri, idonsa ya tsallake "ba", ya amsa tambayar da ba ka yi ba. Yadda za ka gane: ware takardun waɗanda suka fi cin jarrabawa da na ƙasa. Idan na sama ne suka fi faɗuwa a tambayar, laifin na tambayar ne. In dole ce, rubuta korewar da manyan baƙaƙe, kada kuma ka sake saka wata "ba" cikin zaɓuɓɓuka. Na'am, Malama?

"Malam, 'babu ko ɗaya' fa?"

Ita ma da nata ciwon, Malama. Wanda ya zaɓe ta ya nuna ya gane ukun nan kuskure ne, amma bai nuna ya san amsar ba. A lissafi, yaro zai samo 18, amsa 16 ce, duk babu su a takarda, ya zaɓi "babu ko ɗaya" ya ci makinsa. Ga shugaban taro yana nuna mini agogo, an kusa kiran la'asar.